Shekarun da babu takardar albashi a takardar neman biza

Aikina cike wa mutane takardun neman biza ne a Birnin Kebbi, kuma babu wurin da suka fi jin tsoro kamar shafin tarihin aiki. Da mutum ya ga shekara biyu ko uku da bai karɓi albashi ba, sai ya fara tunanin yadda zai rufe su. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, yawancin abin da mutanenmu ke kira zaman banza aiki ne, takarda ce kawai ba shi da ita. Wanda ya yi noman rani a fadama, ko ya tsare shagon yayansa a kasuwar Jega, ko ya yi jinyar mahaifiyarsa shekara guda, yana da abin faɗa. Jami'in biza ya saba ganin mutanen da aiki ya yanke musu. Abin da ke sa shi ɗaga gira shi ne watannin da aka tsallake ba a ce komai ba, da labarin da bai dace da sauran takardu ba.

Fom ɗin neman izinin karatu na Kanada, IMM 1294, yana neman bayanin abin da mutum ya yi a shekara goma da suka wuce, da shekara da watan farawa da na gamawa, kuma ya ce wanda ba ya aiki ko yake karatu ya faɗa. Wato su da kansu sun ba ka damar cewa ba ka da aiki. Layukan da ke ciki kaɗan ne, idan ba su isa ba sai a ƙara takarda.

Wani matashi daga Argungu ya zo mini yana son tafiya Kanada karatun sarrafa amfanin gona bayan girbi. Kemistiri ya karanta, ya gama bautar ƙasa a ƙarshen 2017, ya koyar a ƙarƙashin N-Power daga Agustan 2018 zuwa Yulin 2020 lokacin da aka sallami rukuninsu. Daga nan har 2024 babu wata takardar ɗaukar aiki. Ya zo da wasiƙar da wani dillali ya haɗa masa, mai hatimi da komai, wai shi manaja ne a wani kamfani a Abuja, albashinsa naira dubu ɗari biyu da hamsin.

Na ce masa, "Ƙanena, ɗauko bayanan asusunka na banki mu gani." Muka shimfiɗa su a tebur. Babu wata ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ta shigo a ƙarshensa. Abin da ke ciki shi ne kuɗi masu kauri a Afrilu da Mayu daga wani injin casar shinkafa, sai shiru, sai ƙananan fita na mai da taki a Janairu da Fabrairu, kuma kusan duk cirar kuɗin wajen masu POS na Argungu aka yi ta. Na tambaye shi wane manajan Abuja ne yake cirar kuɗin cefane a Argungu duk mako. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Yaya, ban duba ta nan ba." Jami'in kuwa ta nan zai duba, kuma yana iya kiran lambar da ke kan wasiƙar. Idan Kanada ta kama mutum da bayanin ƙarya, haramcin shekara biyar ne. A Birtaniya yana kai shekara goma. Wanda aka hana saboda kuɗinsa bai isa ba yana iya sake nema gobe, wannan kuwa ƙofa ce aka kulle.

Muka ajiye wasiƙar, muka ɗauki farar takarda muka jera watanni tun daga 2014, ba mu bar ko ɗaya ba. Shekarun jami'a suka shiga a matsayin ɗalibi. Daga Janairu zuwa Yulin 2018 muka rubuta cewa ba ya aiki, yana nema, iyakar abin kenan, ba ya buƙatar ba da haƙuri. Daga Agustan 2020 muka rubuta manomin shinkafa mai zaman kansa, da sunan garin da gonar take. Ambaliyar daminar 2020 ta cinye musu gonar kamar yadda ta yi wa dubban manoman Kebbi, shi ya sa asusunsa ya bushe har zuwa girbin rani na 2021, kuma muka faɗi haka a jimla ɗaya. Daga 2022 ya fara sayen shanshera a hannun maƙwabta yana kai wa inji, wannan ma ya samu layinsa.

Wajen hujja ne mutane suka fi ɓata lokaci. Takardar da aka yi a lokacin da abin ke faruwa ta fi wadda aka yi jiya domin biza nauyi nesa ba kusa ba. Tsofaffin rasit na awon buhuna daga injin, katinsa na ƙungiyar manoma mai ɗauke da shekarar shiga, takardar hakimi a kan gonar, da tsohon bayanin banki na watannin girbi, su muka sa gaba. Takardar rantsuwa ta kotu maganarka ce kawai da hatimi a kai, ba ta tabbatar da komai ita kaɗai. Rajistar sunan kasuwanci a CAC kuwa tana da amfani, amma idan watan jiya aka yi ta, kada a nuna kamar ta shekara huɗu ce. Sai a ce an daɗe ana sana'ar, yanzu aka yi rajista. Haka yawancin 'yan kasuwarmu suke, babu abin kunya a ciki.

Sai wasiƙar bayani. Shafi ɗaya ya isa. Mutanenmu suna son fara ta da kukan halin ƙasa, babu aiki, babu tsaro, rayuwa ta yi tsada. Duk gaskiya ne, amma ka tuna tambayar da jami'in yake son ya amsa wa kansa: shin wannan mutumin zai koma gida idan izininsa ya ƙare? Wanda ya cika shafi da dalilan da suka sa ƙasarsa ba ta zaunuwa ya amsa masa da bakinsa. Haka nake gaya wa 'yan Zamfara da ke zuwa wurina, waɗanda kasuwancinsu ya tsaya a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako: a faɗi watan da abin ya faru, da watan da aka koma sana'a, a wuce.

Sauyin fanni kuma shi ne inda shekarun da yake son ɓoyewa suka yi masa rana. Da wasiƙar dillali ya tafi, tambayar ita ce me ya haɗa manajan Abuja mai digirin kemistiri da shinkafa. Da gaskiyar kuwa zaren a miƙe yake: ya yi shekara huɗu yana ganin yadda inji ke rage masa farashi saboda danshin shanshera da yawan karyewar ƙwaya, yana da ilimin kimiyyar da zai fahimci dalili, kwas ɗin yana koyar da busarwa da adanawa, kuma gonar da masu sayensa suna nan suna jiransa. Jimla huɗu ko biyar, kowace da takardar da ke bayanta.

Wannan duk bai maye gurbin kuɗin makaranta da na zama ba, kuma babu wasiƙar da ke tilasta wa jami'i ya yarda. Abin da na sa shi ya yi kafin ya fita shi ne ya ajiye kwafin jadawalin watannin nan. Kanada tana musayar bayanan masu neman biza da Amurka da Birtaniya da Ostareliya da New Zealand, don haka idan wata rana ya zo cike fom ɗin DS-160 na neman bizar Amurka, wanda ke tambayar ayyukan shekara biyar da suka wuce, watan da ya rubuta a nan shi zai rubuta a can.