Teburin da ya cinye min kwana uku

Har yanzu in na tuna teburin nan sai raina ya ɓaci wallahi. Wani ɗan gem nake haɗawa a Unity, akwai tebur mai ƙafa huɗu da ɗan wasa zai iya kifarwa, kuma ana so gurneti ya gangara ya shige ta ƙarƙashinsa. Sai na yi abin da na ɗauka shi ne daidai, na kwafi teburin a Blender na rage shi da `Decimate` ya dawo alwatika wajen 300, na sa shi a `Mesh Collider`, wato siffar da injin ke amfani da ita wajen gane karo. Yana tsaye lafiya lau. Ina ƙara masa `Rigidbody`, abin da ke sa shi motsi da fiziks, sai ga jan rubutun kuskure, ashe Unity ba ya yarda abu mai motsi da fiziks ya yi amfani da irin wannan kwafin mai lunguna sai an danna `Convex`. Na danna, jan rubutu ya ɓace, na wuce abina.

To nan ne na yi kuskuren. `Convex` ɗin nan kamar ka lulluɓe tebur ne da leda ka ja ta tam, duk wani lungu da rami ya toshe, wato tsakanin ƙafafun nan ya zama bango wanda ido ba ya gani. Gurneti sai ya zo ya bugi iska ya dawo. Kwana uku ina tonon kod ɗin gurneti, ina canza nauyinsa ina canza gudunsa, alhali da na danna teburin na dubi koren zanen nan da Unity ke kewaye shi da shi don nuna siffar karonsa da tuni na ga dunƙulallen akwati ne kawai.

Abin da ya gyara shi ko minti goma bai kai ba, `Box Collider` guda biyar, ɗaya na saman teburin huɗu na ƙafafu, duk ƙarƙashin `Rigidbody` ɗaya, kuma ya fi sauƙin lissafi ga injin. Sai dai ƙafafun sun zo da tasu matsalar, kaurinsu santimita 5 ne, fiziks kuma duk sakan 0.02 yake lissafi, abin da ke gudun mita 30 a sakan yana tsallake santimita 60 a taki ɗaya, sai ya ratsa ƙafar bai san da ita ba. Na mai da tsarin gano karo na gurnetin `Continuous Dynamic`, na teburin `Continuous`, don injin ya riƙa duba hanyar da ke tsakanin taki da taki, sannan ya daina.

Ban daina amfani da sauran ba fa. Dutse ko ganga da ba su da rami `Convex` ya ishe su, in dai ka san iyakarsa alwatika 255 ne. Kwafin da aka rage kuwa na bar wa abin da ba ya motsi kamar kogo. Amma yanzu duk abin da na shigo da shi, koren zanen nake fara dubawa kafin in taɓa kod, kwana ukun nan har yau suna min ciwo.