Ruwan da ya yi dusu-dusu

Shekara 2 na yi ina wankin ƙoda da na'ura, sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, allurai biyu a jijiyar hannuna da likita ya haɗe. Jinina yakan sauka, in tashi jiri na ɗibata. Daga baya na koma wankin ƙoda ta ciki a gida: bututu a mara, in zuba ruwa lita 2, tantanin da ke cikin cikina ya tace dattin, in zubar, sau 4 kullum. Na samu sakewa, har tafiya nake yi. Amma jiya ruwan ya fito dusu-dusu, cikina yana ciwo. Ƙwayar cuta ce ta shiga. Na tuna shekaranjiya garin gaggawa ban wanke hannu ba kafin in zuba ruwan.