Watan da duro takwas ya koma bakwai

Sabulun wanki nake yi, kuma kusan rabin kuɗin kowace sanda a manja yake tafiya. Shi ya sa farkon shekarar 2022 ya zo mini da zafi. A watan Fabrairu yaƙin Rasha da Yukren ya tsayar da man sunfulawa da ake fitarwa daga can, masu saye suka koma kan manja, farashinsa ya ɗaga. Ana cikin haka, a ƙarshen Afrilu, Indunisiya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da manja, ta hana fitar da shi na wasu makonni. Ni dai abin da ya iso ƙofata shi ne mai kawo mini kaya ya ƙara kashi 40 cikin ɗari a kan duro cikin ɗan lokaci kaɗan.

Don lissafin ya yi sauƙin bi, na mayar da farashin sanda ɗaya mai giram 200 ya zama 100, sauran kuma na auna su da shi. A cikin wannan 100, manja yana cin 45. Soda, turare da kala suna cin 10. Takardar naɗi, katan da ladan masu yanka da naɗewa suna cin 15. Abin da ya rage, 30, shi ne abin da kowace sanda take bar mini. Ina sayar da sanda 10,000 a wata, wato 300,000 ke nan suke bar mini. Haya, albashi da wuta suna ɗauke 200,000, ko na yi sabulu ko ban yi ba. Riba 100,000. Da manja ya tashi, 45 ɗin nan ta koma 63. An ƙara mini 18 a kowace sanda, 30 ta koma 12.

Abin da na fara yi shi ne shiru. Ina da tsohon manja na makonni shida a ɗakin ajiya, na ce ai da tsohon farashi na saya, in na ƙara kuɗi a kansa zalunci ne. Ƙari a kan haka ina tsoron in riga abokan sana'a ƙari, 'yan sari su gudu. Littafi ma ya goyi bayana, domin yana nuna riba kamar kullum. Ranar da na tashi sayen manjan wata ne ido ya raina fata. Da 450,000 nake saye a da, yanzu sai 630,000. Na haɗa kuɗin manjan da na ware da dukan ribar watan, suka kama 550,000. Mai kayan ya lissafa, ya ce, “Malam, bakwai kuɗinka ya kai.” Takwas na saba ɗauka. Na tsaya ina kallon gurbin duro ɗaya a bayan mota, ban ci ko sisi daga ribar ba, amma jari ya ragu.

Laifin na lissafina ne. Farashin da ya kamata in yi aiki da shi tun ranar farko shi ne wanda zan sake sayen manja da shi. Wanda na saya da shi jiya ya riga ya wuce, ba zai cika mini duro ba. Tun daga nan, in ina son sanin ko ina cin jari, ba littafin riba nake fara dubawa ba, duro nake ƙirgawa: kuɗin da ya shigo zai mayar da adadin kayan da aka ƙona ko ba zai mayar ba?

Akwai wuri ɗaya da na shanye asarar da gangan, kuma ban yi da-na-sani ba. Wani gidan wanki ya riga ya ba ni odar watanni biyu a kan tsohon farashi. Na cika musu. Alkawari ne, sannan ko a hakan kowace sanda tana bar mini 12, ba daga aljihu nake cikawa ba. Da a ce manja ya kai inda sandar take cin fiye da 100, da na je mun zauna. Amma bayan wannan odar, duk farashin da na rubuta wa mai sayen sari ina sa masa wa'adin mako biyu.

Sai na koma ga dabarar da kowa yake ba ni shawara: rage girma, bar farashi. Na matso da wayar da ake yanka sabulun da ita, sanda ta koma giram 170. A ido abin ya yi kyau, ba wanda zai ce na ƙara kuɗi. Yayana, wanda yake duba mini littafi a ƙarshen wata, shi ya ja takarda ya nuna mini abin da ban hango ba. Ya ce, “Kai, me ka rage? Sabulun ka rage, takardar fa?”

Gaskiyarsa. Abin da yake raguwa in an rage girma shi ne manja, soda da turare, wato 73 a sabon farashi. Kashi 15 cikin ɗari na 73 kusan 11 ne. Takarda, katan da ladan naɗi suna nan a 15 ɗinsu, domin ƙaramar sanda ma sai an yanka ta an naɗe ta. Ke nan a cikin 18 da aka ƙara mini, 11 kawai na dawo da ita. In ina son dawo da duka ta wannan hanya, sai na yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sanda ta koma 150, wanda ko makaho ya ɗauka zai gane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gefen mai saye. Wanda ya biya 100 ya karɓi giram 170 maimakon 200, an ƙara masa kusan kashi 18 cikin ɗari a kan kowane giram. Wato ya ɗauki nauyi daidai da wanda aka ce masa kai tsaye ya biya 118. To amma da 118 ɗin ya biya, da dukan 18 ta zo hannuna. Ko da na ce mutane za su riƙa dawowa da wuri saboda sandar tana saurin ƙarewa, har cinikin ya kai sanda 11,700 da ɗoriya, abin da zai rage mini bai wuce 271,000 ba, maimakon 300,000. Bambancin ya tafi a ƙarin takarda da katan da ba su wanke wa kowa riga ba.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ban sa a lissafi ba. Ina da ɗaurin takardun naɗi da aka buga giram 200 a jiki. Naɗe 170 a cikinsu ha'inci ne, kuma dokar awo tana kama mai yin haka, don haka suka zama asara, na biya aka buga sababbi. Na kuma yi wauta a zubin farko: a 170 na yanka sabulun yana ɗanye. Sabulu irin nawa yana shan makonni huɗu zuwa shida yana bushewa, ruwa yana fita, nauyi yana raguwa. Tsohuwar wayar an daɗe da saita ta da wannan rarar, sabuwar kuwa na manta. Da na ɗora a sikeli kafin naɗi sai na ga 160 da 'yan kai. Zubin nan gaba ɗaya a kilo na sayar da shi, ba takarda.

Masu saye kuma sun gane. Wata mai shago ta ɗaga tsohuwa da sabuwa a hannu biyu, ta ce, “Malam, da ka gaya mini, da na san abin da zan ce wa mutane.” Rashin faɗin ya fi ba ta haushi a kan ragin. Na ji daga baya cewa a Faransa, tun 1 ga Yulin 2024, an wajabta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa ta wata biyu a kan kayan da aka rage wa nauyi alhali farashin awonsa ya hau. Ban yi mamaki ba.

Ƙarin farashi, wanda na fi tsoro, shi ne ya zo da sauƙi da na zauna na lissafa. Manja ya tashi da kashi 40, amma ba kashi 40 zan ƙara ba, tunda ba shi kaɗai ne a cikin sandar ba. 118 ta isa ta mayar mini da 30 ɗina. In kuma na ce sai ribar ta ci gaba da zama kashi 30 cikin ɗari na farashi, sai na kai kusan 126, wanda a ganina haɗama ce a irin wannan lokaci. Tambayar da ta cire mini tsoro ita ce: masu saye nawa zan iya rasawa? A tsohon farashi, sanda 10,000 sau 12 tana ba ni 120,000, wato faɗuwar 80,000 kowane wata. A 118, sanda 4,000 kacal za ta kawo wannan 120,000 ɗin, kuma kusan 6,700 za ta biya haya da albashi. Ashe ko kashi ɗaya cikin uku na ciniki ya tafi, ban faɗi ba.

A 115 na tsaya, na shanye 3. Na kira manyan masu sari ɗaya bayan ɗaya, na ba su kwana goma, na kuma ƙayyade abin da kowa zai ɗauka a tsohon farashi kada mutum ɗaya ya kwashe ɗakin ajiya. Watan farko ciniki ya sauka zuwa 8,500. Sau 27, ya ba ni 229,500, riba ƙarama amma riba. Wata na uku ya hau 9,300, lokacin sauran masu sabulu ma duk sun ƙara.

Ban jefar da ƙaramar sandar ba. Akwai masu shagon da suka ce mai saye yana zuwa ne da kuɗinsa cif a hannu, in ya ɗara ko kaɗan zai ajiye ya ɗauki wani. Su na bar wa ta 170 a kan 100, da nauyinta a rubuce ɓaro-ɓaro. Gidajen wanki da masu sayen katan, waɗanda da kilo suke lissafi, suka ɗauki ta 200 a 115, kuma ita ta fi araha a giram. Wani ya ce in ƙara ruwa a kwaɓin in huta. Na ƙi, domin ruwan zai bushe a kan kantar mai shago, sandar ta lanƙwashe da sunana a jiki.

Wajen tsakiyar shekarar, bayan Indunisiya ta janye haramcin a watan Mayu, manja ya fara saukowa, ko da yake ya ɗauki lokaci kafin sauƙin ya iso wurin mai kawo mini. Da ya iso, babbar sandar na rage wa farashi da kiran waya na yini ɗaya. Ƙaramar kuwa sai da na jira takardun 170 suka ƙare, wata huɗu, kafin na iya taɓa wayar yanka.