Abin da Kafa VPN a Gidana na Tumfure Ya Koya Mini

Aikina zanen gine-gine ne, kuma zane-zanen da na tara suna kan wata ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da aka haɗa da faifan ajiya a ɗakina na Tumfure, a Gombe. Da yake tafiya tana yawan kama ni zuwa Bauchi da Kano, sai na ga gara in kafa VPN nawa, wato ɓoyayyar hanya tsakanin kwamfutar da nake yawo da ita da wadda ke gida, maimakon in riƙa kwafe fayiloli a filashi ina mantawa da rabinsu. Na zaɓi WireGuard saboda saitinsa bai wuce layuka kaɗan ba: kowace na'ura tana da mabuɗin sirri da mabuɗin fili, kuma na'urori biyu ba sa magana sai kowacce ta riƙe mabuɗin filin ɗayar.

Na gama saitin a dare ɗaya, na buɗe ƙofa ta 51820 ta UDP a kan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, na gwada, fayiloli suka buɗe. Kuskurena shi ne a falo na yi gwajin, kwamfutocin biyu suna kan rauta ɗaya, kuma adireshin da na rubuta a `Endpoint`, wurin da ake sa adireshin na'urar da za a kira, na cikin gida ne, 192.168.8.10. Da asuba na canza shi zuwa adireshin waje da `curl ifconfig.me` ya nuna mini, na kama hanya ba tare da sake gwadawa ba.

A masaukina na Bauchi manhajar ta nuna cewa hanya a kunne take, amma babu fayil ɗin da ya buɗe. Na kira ƙanena ya duba, ya ce, "Yaya, fitilun duk a kunne suke, wuta ma ba a ɗauke ba." Daga baya na fahimci cewa kunnuwar WireGuard ba shaida ba ce ta cewa ya isa ko'ina. Shaidar tana cikin abin da `sudo wg show` yake nunawa: idan babu layin `latest handshake`, adadin abin da aka aika yana ta hauhawa amma abin da aka karɓa yana kan sifili, to na'urorin biyu ba su taɓa gaisawa ba. WireGuard kuwa da gangan aka yi shi ya yi shiru ga duk saƙon da bai gane mabuɗinsa ba, don haka kuskuren mabuɗi da toshewar hanya kama ɗaya suke yi wa mai kallo daga nesa. Kwana biyu na ɓata ina zargin mabuɗai, alhali lafiyarsu lau.

Matsalar tana wurin layin da rautata ke amfani da shi, wanda sim ne na waya. Adireshin IPv4 a duniya bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma ya yi wa jama'a kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya suke tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya: na ciki yana iya fita ya dawo da amsa, amma baƙon da ya yi sallama a zaure bai faɗi ɗakin da yake nema ba, babu mai shigo da shi. Ƙofar da na buɗe a rauta ƙofar ɗakina ce, zauren kuwa na kamfani ne, kuma ba ni da iko a kansa.

Gane wannan bai fi aikin minti biyu ba, kuma shi ya kamata in fara yi kafin in saka ko da manhaja ɗaya. Mutum ya shiga shafin rautarsa ya karanta adireshin da ke gaban `WAN IP`, sannan ya kwatanta shi da wanda `curl ifconfig.me` ya bayar. Idan sun zama ɗaya, galibi buɗe ƙofa zai yi aiki. Nawa sun bambanta, kuma na rautar ya fara da 100.72, wato yana cikin jerin 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 da aka keɓe wa wannan tsari tun 2012. Wasu layukan suna bayar da adireshi mai farawa da 10, ma'anar duk ɗaya ce. Sabis ɗin DDNS, da wani abokin aikina ya ba ni shawara a kai, ba ya maganin wannan, domin suna kawai yake laƙaba wa adireshin zauren.

Tunda ba a iya shigowa daga waje, mafita ita ce na gida ya fita. Na yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, mai adireshin waje nata na kanta, na mayar da ita mahaɗa: ita ce 10.8.0.1, kwamfutar gida 10.8.0.2, ta tafiya 10.8.0.3, kuma biyun duk su ne suke kiran sabar. Ga abin da ke saitin kwamfutar gida, da adireshin misali a madadin na gaskiya:

```
[Peer]
PublicKey = ...
Endpoint = 203.0.113.10:51820
AllowedIPs = 10.8.0.0/24
PersistentKeepalive = 25
```

Layin ƙarshe shi ne ginshiƙin. Na'urar kamfani tana mantawa da hanyar da aka daɗe ba a bi ba, saboda haka kwamfutar gida take aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 don hanyar dawowa ta zauna a buɗe. Idan aka cire shi, hanyar za ta yi aiki ne kawai na ɗan lokaci bayan kwamfutar gida ta aika wani saƙo, sannan ta mutu ba tare da wani gargaɗi ba. A kan sabar kuma sai an sa `net.ipv4.ip_forward=1`, in ba haka ba kowacce za ta gaisa da sabar amma ba za su ga juna ba.

Wannan tsari yana da farashinsa, kuma ban so a ɓoye shi. A kan sabar ake kwance ɓoyon saƙo a sake ɗaure shi, don haka duk wanda ya mallake ta zai iya ganin abin da ke wucewa. Dalilin da ya sa nake ɗauko fayiloli ta SFTP ke nan, tsarin kwafe fayiloli wanda yake da nasa ɓoyon a cikin na VPN. Sauri kuma yana hannun ƙarfin turawa na layin gida, wanda masu tallar data ba su cika ambata ba. Nawa yakan tsaya wajen megabit 5 a daƙiƙa, saboda haka fayil mai megabait 600, wato megabit 4,800, yana cin daƙiƙa 960, minti 16 ke nan idan layin bai yi tangarɗa ba. Data ma sau biyu ake biya, ta gida tana turawa, ta hannuna tana karɓa.

Sauran gyaran ƙanana ne. Na ɗora rauta da kwamfutar a kan batirin sola, na kuma buga `sudo systemctl enable wg-quick@wg0` don hanyar ta tashi da kanta duk lokacin da kwamfutar ta sake kunnuwa. Wayata tana da mabuɗinta daban, ta yadda idan ta ɓace a tasha zan goge sashenta na `[Peer]` daga sabar kawai, sauran su ci gaba da aiki.

Yanzu daren da zan yi tafiya nakan cire kwamfutata daga rautar gida, in haɗa ta da datar waya, in zare wa kwamfutar gida wuta in mayar, sannan in jira `ping 10.8.0.2` ya amsa kafin in buɗe zane ɗaya. A makon jiya na yi hakan sai ya ƙi amsawa, da na duba ashe datar rautar ce ta ƙare tun da yamma.