Kafin ka sa hannu, tambayi wa ya mallaki kayan

Ƙannena, na taɓa neman keken ɗinki ta hanyar murabaha, wato cinikin da mai sayarwa ke faɗa maka nawa ya sayi kaya, sannan ya ɗora ƙarin da kuka amince da shi. Mai ba da kuɗin ya tura mini dubu 100, ya ce in je in saya da kaina, in biya shi dubu 120 cikin wata 12. Ganin an rubuta murabaha a saman takarda sai hankalina ya kwanta. Daga baya wani malamina ya tambaye ni: da keken ya lalace a hanya, asarar wa? Na ce tawa. Ya ce to bashi da ruwa na ci, domin mutumin bai taɓa mallakar keken ba balle ya sayar mini.

A Musulunci rance taimako ne, abin da ka ba da shi kaɗai za ka karɓa. Mai riba, wato mai ba da bashi da ruwa, yana son ƙari tabbatacce, ko wanda ya ci bashin ya samu ko ya karye, shi kuwa bai ɗauki kasadar komai ba. Suratul Baƙara, aya ta 275, ta kawo maganar masu cewa ai ciniki kamar riba yake, ta amsa musu cewa Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. Aya ta 279 ta ce wanda ya tuba yana da uwar kuɗinsa, kada ya zalunta, kada a zalunce shi.

Ga yadda ya kamata a yi cinikin nan. Mai kuɗin ya sayi keken a kan dubu 100, ya shiga hannunsa ko hannun wakilinsa. A wannan tsakanin in keken ya ɓata ko ya lalace, shi ya yi asara. Sai bayan nan ya faɗa mini nawa ya saya, ya ɗora dubu 20, mu ƙulla ciniki, in riƙa biyan dubu 10 duk wata. Lissafin ɗaya ne da na farko, amma a nan dubu 20 ɗin ladan kasadar da ya ɗauka ne a kan kayansa. Annabi (SAW) ya hana Hakim bin Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa. Ko ni aka wakilta in sayo, dole in sayo da sunan mai kuɗin, sannan a yi ciniki na biyu daban.

Ku kuma duba sharaɗin jinkiri, nan ne aka fi yaudarar mutane. Da zarar an yanke dubu 120, ta tsaya ke nan, ko na makara wata uku. In takarda ta ce bashin zai hau saboda jinkiri, ribar jahiliyya ce tsantsa, irin ta "ko ka biya ko ka ƙara". Wasu malaman zamani sun yarda a ɗora tara a kan mai hali da ke taurin bashi, da sharaɗin a sadakar da ita. Ku nemi ganin wannan a rubuce, tare da rasidin da ke nuna sunan wanda ya fara sayen kayan.