Kada ka nemi ƙarin wa'adi da bashi a wuyanka

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayarsa, wai in duba imel ɗin da zai tura wa dilan da ke kawo masa kaya. Layi huɗu ne, ko gaisuwar kirki babu. Yana so a mayar da wa'adin biyansa daga kwana 30 zuwa 60, in ba haka ba akwai masu ba da hakan. Na tambaye shi ko ya biya kuɗin kayan watan jiya. Ya ce, "Kawu, saura kaɗan." Gabana ya faɗi, domin na taɓa rubuta irin wannan saƙon.

A lokacin dilana kwana 30 yake ba ni daga ranar da ya rubuta takardar kuɗin kaya. Kayan kan yi kwana 12 a hanya, su yi kamar 20 a sito, masu saye kuma su riƙe mini kuɗi kwana 30. Wato kuɗina na dawowa a kwana na 62, ni kuwa ana nemana a na 30. Matsalar ta gaske ce, har gobe ban ga laifina na neman sauƙi ba. Laifin shi ne na rubuta bayan wa'adina ya riga ya wuce, cikin dare, raina a ɓace. Na tuna masa shekarun da muka yi muna hulɗa, na ambaci wani dilan, na kuma tura wa manajansa kwafi. Wannan kwafin ne ya fi damuna, domin na kunyata mutumin da ya sha ɗaga mini ƙafa ba tare da manyansa sun sani ba. Amma shi ma sau biyu ina kira bai ɗauka ba, yaya zan yi?

Amsar ta zo da ladabi, wai za su duba. Wa'adi bai ƙaru ba. Sai oda ta gaba aka ce in fara biyan rabi kafin a ɗora kaya, aka rage iyakar bashin da ake ba ni, da kaya suka yi ƙaranci kuma aka sallami wasu kafin ni. Ba wanda ya yi mini faɗa. Sai dai imel da ake amsawa a yini ya koma sai mako, kuma akanta ke amsawa, ba wanda na saba da shi ba.

Daga baya na gane kwanakin nan kuɗi ne. Akwai dilolin da ke rage kashi 2 cikin 100 ga wanda ya biya a kwana 10 maimakon 30. Kashi 2 a kan kwana 20 ke nan, a shekara ya kai kusan kashi 36. Ni kuwa kwana 30 na nema kyauta, da gadara.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce allon waya. To, ku biya tsohon bashi tukuna. Ku rubuta bayan kun biya sau uku ko huɗu a jere kan lokaci, kuma kafin ku ba da babbar oda. Ku nemi abu ɗaya ƙarami, ku miƙa wani abu a madadinsa. Ga irin abin da ya kamata in rubuta:

"Barka da aiki. Na biya kuɗin odar ƙarshe jiya, na gode da saurin kawowa. Kaya kan yi kwana 12 kafin su iso mana. Ko zai yiwu a riƙa ƙirga kwana 30 ɗin daga ranar da muka karɓa? Mu kuma za mu tsayar da odar wata uku tun yanzu. A gwada a oda biyu, in bai yi muku ba mu koma yadda muke."

Kwana 12 ke nan ka samu, a takardunsu kuma har yanzu 30 ne, abin da ya fi sauƙin amincewa ga wanda zai kai maganar gaban manaja.

Kada ku yi barazana da wani dila. Ko da yake in kana da tayinsa a rubuce, ambatonsa sau ɗaya cikin ladabi yana aiki, na ga ya yi. Gaskiya ma kada ku fara da imel, ku kira mutum ku ji muryarsa, abin da kuka tsana ke nan. Amma duk abin da kuka amince a waya, ku tura shi a rubuce a ranar: kwana nawa, daga wace rana ake ƙirgawa, daga wace oda zai fara. Sabon wa'adin kuma kada ku saɓa shi ko da yini ɗaya, in ya kama a ranar hutu ku biya kafin ranar.