Jawabin ban kwana da na yi wa Baba mai sito

Wata mai zuwa nima zan bar wurin nan, kuma cikin duk abubuwan da na yi a matsayin manaja, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne jawabin minti goma sha biyu da na yi ranar da Baba mai kula da sito ya yi ritaya. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Da safiyar ranar ogana ya kira ni ya ce ni zan yi magana a madadin sashenmu, alhali ya san da taron tun sati biyu da suka wuce. Na ce ranka ya daɗe lokaci ya ƙure, ya ce ai ba wani abu ba ne, ka ɗauko fayil ɗinsa ka karanto. Haka kuwa na yi. Na aika aka ɗauko fayil, na kwafe ranar ɗaukar aiki da ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya da kwasa-kwasan da ya je, na cika shafi uku, na ɗauka na shirya.

Na miƙe na ce Baba ya yi shekara 31 yana aiki da mu. Sai na ga ya ɗago kai ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa. Ashe 33 ne. Shekara biyun farko a matsayin ma'aikacin wucin gadi ya yi su, fayil kuma bai fara ƙirga ba sai daga ranar da aka ba shi takardar aiki na dindindin, kuma waɗannan shekaru biyun su ne ya fi alfahari da su, don lokacin ne yake ɗaukar kaya a ka kafin a yarda a ba shi mukullin sito. Duk tsofaffin ma'aikata sun san haka. Ni kaɗai ne ban sani ba, don ban tambayi kowa ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Da na kai shafi na biyu na lura mutane sun fara duba waya, na bayan suna ƙus-ƙus, sai na ji ya kamata in ajiye takarda in faɗi wani abu daga zuciya. Abin da ya zo min baki shi ne ciwon idonsa. Na ce duk da idon Baba ya yi rauni a 'yan shekarun nan, bai taɓa fasa zuwa aiki ba. Wallahi yabo na yi nufi. Amma maganar nan a ofishina ya faɗa min, ƙofa a rufe, ranar da ya zo neman izinin zuwa asibiti, kuma ya roƙe ni kada ta fita, saboda mai sito da aka ce ba ya gani sosai, duk lissafin da ya yi a baya sai a fara yi masa kallon shakka. Ga odita a zaune a layin gaba, ga 'ya'yansa biyu da ya gayyato. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da kai mai magana za ka ji shi a jikinka.

Bayan na zauna oga ya karɓi makirfo ya yi minti ashirin kan sabon tsarin da zai kawo, har ya ambaci sunan wanda zai gaji sito. Da aka zo kan Baba lokaci ya ƙare, rabin mutane sun fita. Ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci, ya zauna. Mutumin da aka taru dominsa bai samu ko minti ɗaya cikakke ba. Washegari ogan nan ya ce min jawabina ya yi tsawo, bai ce komai kan nasa ba, kuma har ya bar wurin bai taɓa yarda cewa da ya sanar da ni da wuri da abin bai kai haka ba. Laifin bakina nawa ne, ban ɗora wa kowa ba, amma wannan ɗin ban manta ba.

Bayan shekara biyu Hajiya ta rajista ta zo ritaya, wannan karon ban jira a ce min ba. Kwana goma kafin taron na je har teburinta na ce Hajiya, shekara nawa kike so in faɗa, me ba kya so a ambata, kuma za ki yi magana ko kin fi so a bar ki? Ta ce 29, kada a taɓo maganar rasuwar maigidanta don za ta yi kuka a gaban yara, kuma tana son minti biyar. Daga nan na zauna da masinja da wata akawu da suka daɗe da ita, na ce kowa ya ba ni abu ɗaya da ya gani da idonsa. Masinjan ne ya ba ni labarin da na yi amfani da shi, na kuma koma na nemi izininta da na wanda labarin ya shafa.

Na rubuta shafi ɗaya, kalma kamar 350. Mutum in yana magana a natse a gaban jama'a, wajen kalma 120 yake yi a minti, don haka minti uku ke nan. Na karanta da ƙarfi sau biyu ina duba agogo, duk jimlar da numfashina ya yanke a tsakiyarta na raba ta biyu, duk yabon da zai dace da kowane ma'aikaci, irin su mai ƙwazo mai riƙon amana, na soke shi. Tsakiyar jawabin ga abin da na ce:

"Akwai ranar da wani sabon yaro ya ɓatar da fayil a satinsa na farko. Hajiya ba ta kai ƙara ba. Ta zauna da shi bayan an tashi, suka bi kantocin ajiye fayil ɗaya bayan ɗaya har suka same shi, sannan ta koya masa yadda ake rubuta fitar fayil da dawowarsa a littafi. Yaron nan yau shi ke koya wa wasu. Hajiya, mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya."

Na zauna, ta yi minti biyar ɗinta, babu wanda ya fita. Ban taɓo fansho ba don ba a hannuna yake ba, ban tambaye ta me za ta yi yanzu ba, sanarwar wanda zai gaje ta kuma na bar ta sai ranar Litinin. Na ma roƙi sabon oga tun kafin a fara cewa ita ce za ta rufe taro, ya yarda.

Shi Baba na je na same shi bayan sati ɗaya da nasa taron na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai ɗana, ya wuce. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin ƙofa, sai ya ce in da hali a gyara takardar yabon da aka ba shi, 31 aka rubuta a jiki. Na sa aka sake bugawa da 33, oga ya ɗauki wata guda kafin ya sa hannu, na kai masa da kaina. Ya karɓa ya matso da ita kusa da fuskarsa ya daɗe yana dubawa. Tun ranar taron nan bai sake taka ofishin ba, ko da muka gayyace shi na Hajiya.